Lissafin Ƙasar Ciko Bayan Aza Harsashin Gini

Ƙasar da aka haƙo daga ramin harsashin gini ba ta komawa duka. Kafin a zo mayar da ita, an riga an zuba kankare a ƙasan ramin, an kuma ɗora bulo a kansa har ya fito saman ƙasa, kuma waɗannan biyun sun cinye wani ɓangare na gurbin. Abin da ya saura shi ne ramuka biyu siraru, ɗaya ta cikin bango ɗaya ta waje, su ne ake cikewa da ƙasa a daɓe. Wannan aikin shi maginan ƙasar Hausa ke kira ciko. Lissafinsa kuwa shi ke nuna yawan ƙasar da za a ajiye kusa da rami, da wadda za ta yi rara, da kuma ko mai gini zai biya tifa ta kwashe ƙasa ne ko ta kawo masa ƙari.

Ƙa'idar gajeriya ce. A lissafa girman ramin da aka haƙa, a cire girman kankaren da ke cikinsa, a cire girman bangon da ya nutse a ƙasa. Abin da ya rage shi ne ciko. Ana auna dukansu da kubik mita, wato gurbin da ke da tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya. Daga wannan ƙa'ida wata gaskiya ke fitowa wadda ta cancanci a riƙe ta tun farko: ƙasar da za ta yi rara daidai take da girman abin da aka binne. Idan kankare da bulo sun ci kubik mita goma a cikin rami, to kubik mita goma na ƙasa ba su da wurin komawa, komai faɗin ramin ko ƙuncinsa.

Abin da mita ɗaya na rami ke ɗauka

Mafi sauƙin hanyar fahimtar lissafin ita ce a yanki mita ɗaya na tsawon rami a dube shi da kyau. A yawancin gidaje marasa bene da ake ginawa a Kano, Kaduna, Zariya ko Katsina, ana fara harsashi da bulo mai inci tara, wanda kaurinsa milimita 225 ne. Al'adar magina ita ce faɗin kankaren ƙasa ya ninka kaurin bango sau uku, wato milimita 675, kaurin kankaren kuma sau da yawa daidai yake da na bangon. A ɗauka zurfin ramin milimita 900 ne, ƙafa uku ke nan a bakin leburori. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. Zanen injiniya da irin ƙasar fili su ke yanke ainihin faɗi da zurfi.

Mita ɗaya na wannan rami girmansa shi ne 0.675 sau 0.9, wanda ya ba da kusan kubik mita 0.61. Kankaren ya shimfiɗu a duk faɗin ramin, saboda haka girmansa 0.675 sau 0.225 ne, kusan 0.15. Daga saman kankare zuwa bakin rami saura milimita 675, kimanin jerin bulo uku, kuma bangon da ke cikin wannan tsayi ya ci 0.225 sau 0.675, shi ma kusan 0.15. In an cire su biyun daga 0.61, saura kusan 0.30. Ana iya tabbatar da amsar ta wata hanya: a kowane gefen bango akwai gurbi mai faɗin milimita 225 da zurfin 675, in an haɗa gefen biyu za a sami 0.30 ɗin nan.

A wannan misali rabin ƙasar ne cif ya koma, rabi ya yi rara. Wannan ya sa wasu magina ke ɗaukar rabi a matsayin doka, alhali dacewar awo ce kawai. Da ramin ya kai zurfin mita 1.2, kankaren bai ƙaru ba, bangon ne kaɗai ya ƙara tsayi, sai cikon ya haura rabi ya kai kusan kashi 54 cikin ɗari. A ramin ginshiƙi bambancin ya fi haka. Rami mai mita 1.2 ta kowane gefe da zurfin 1.2 girmansa kusan kubik mita 1.73 ne. In an zuba shimfiɗar kankare mai milimita 50, aka ɗora gindin ginshiƙi mai kaurin 300, sannan siririn ginshiƙi mai 225 ta kowane gefe ya tashi zuwa sama, duk abin da aka binne bai wuce 0.55 ba. Sama da kashi biyu cikin uku na ƙasar wannan rami komawa za ta yi.

Gida guda daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8 in an auna daga bayan bango, da bango ɗaya a ciki da ya ratsa faɗin ya raba shi gida biyu. Abu na farko shi ne sanin tsawon ramin. Wanda ya zagaya da tef ta waje zai sami mita 36, amma wannan ya wuce gaskiya, domin kowace kusurwa an ƙirga ta sau biyu. Masu ƙididdigar gini suna bin layin da ya ratsa tsakiyar bango ne, wanda shi ne kuma tsakiyar rami da tsakiyar kankare. Ana samunsa ta hanyar cire kaurin bango sau huɗu, ɗaya don kowace kusurwa: 36 a cire 0.9, saura mita 35.1. Da wannan tsawon, haƙan bangon waje ya kama kubik mita 21.32, kankarensa 5.33, bulon da ke cikin rami shi ma 5.33.

Bangon ciki yana buƙatar ɗan lura, domin tsawon raminsa daban ne da tsawon bangonsa. Ramin ciki yana tsayawa ne a inda ya haɗu da ramin waje, wanda aka riga aka ƙirga, saboda haka tsawonsa mita 7.1 ne. Shi kuwa bangon sai ya zarce har ya taɓa bangon waje ta kowane ɓangare, don haka nasa tsawon mita 7.55 ne. Haƙan wannan ɓangare ya kama 4.31, kankare 1.08, bulo 1.15. Wanda ya yi amfani da mita 8 ga duka ukun zai ƙara wa kansa haƙa da kankaren da babu su, kuma a gida mai ɗakuna shida ko bakwai irin wannan kuskure yakan taru ya zama kuɗi.

In an haɗa komai, an haƙo kubik mita 25.6. Kankare ya ci 6.4, bulo ya ci 6.5, jimillar abin da aka binne 12.9. Cikon da ake bukata a gefen bango shi ne 12.7, rarar ƙasa kuma 12.9.

Akwai abubuwa uku da ke yawan ɓata wannan lissafi. Na farko, bangon da ake cirewa shi ne wanda ke ƙasa da bakin rami kaɗai. Jerin bulon da suka fito sama har zuwa inda za a zuba daɓen kankare ba su hana ƙasa komawa rami ba, don haka ba su cikin lissafin. Na biyu, ba a rage ramukan cikin bulo. Bulo mai rami yana tare gurbi daidai da toshasshe, kuma a harsashi ramukan nan kankare mai ruwa-ruwa ake cika su da shi, ƙasar ciko ba ta shiga. Na uku, zurfin ana auna shi ne daga inda fili ya tsaya bayan an kankare ƙasar sama. Wannan ƙasa ta sama, mai kimanin milimita 150, cike take da saiwoyi, ciyawa da ruɓaɓɓen ganye. Ana tara ta gefe guda don shuka, ba a haɗa ta da ƙasar rami a awo ko a ciko.

Ramin zane da ramin fili

Duk alƙaluman da suka gabata na takarda ne. A fili, lebura da diga da shebur ba ya yanka rami daidai da igiya, kuma a ƙasa mai rairayi irin ta Jigawa, Yobe, arewacin Katsina ko Maraɗi, bakin rami yakan zube ya ƙara faɗi, musamman in an bar shi buɗe kwanaki. Shi ya sa kafin a zuba kankare ya kamata a auna faɗi da zurfi a wurare da dama a ɗauki matsakaici.

A ce ramin gidan nan ya fito da faɗin milimita 750 maimakon 675. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma a tsawon rami na mita 42 ya ƙara cikon da ya haura kubik mita biyu. Wannan ƙarin bai da tsada sosai, tunda ƙasar da za ta cike shi daga ramin ta fito; ladan lebura ne kawai. Inda asarar take shi ne kankare, domin galibi ba a kafa masa katako, bangon rami ne ke tare shi. Ƙarin faɗin nan ya sha kusan kubik mita 0.7 na kankare, abin da zai ci buhun siminti kimanin uku in kwaɓin na ɗaya, uku, shida ne. Rarar ƙasa kuwa da wannan 0.7 ɗin kaɗai ta ƙaru, kamar yadda ƙa'idar farko ta nuna.

Inda fili ke da gangare, zurfin rami ba ɗaya ba ne, kuma akan yi kankaren hawa-hawa kamar matakala. A nan ana raba ramin gida-gida, a lissafa kowane yanki da nasa zurfin, sannan a haɗa. Haka nan inda ramin ginshiƙi ya faɗo a kan layin ramin bango, sai a cire tsawonsa daga na ramin bango don kada a ƙirga wuri ɗaya sau biyu.

Ƙasa ɗaya, awo uku

Lissafin da ya gabata yana auna gurbi ne, amma ƙasar da ke tsibe a bakin rami ba ta da girman gurbin da ta fito. Ƙasa a inda Allah ya halicce ta a matse take. Da zarar diga ta fasa ta, sai ta zama gaɓa-gaɓa, iska ta shiga tsakani, ta kumbura, kamar yadda garin da aka tankaɗe ke cika kwano fiye da wanda aka danne. Rairayi yana kumbura kaɗan, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ƙasa gama-gari takan ƙaru da kusan kashi 25. Laka mai danƙo tana iya kaiwa kashi 30 zuwa 40, saboda manyan dunƙulen da take fashewa.

Wannan yana da tasiri kai tsaye ga kuɗin tifa. Rarar 12.9 da aka lissafa a sama, in ƙasar gama-gari ce, za ta zama kusan kubik mita 16 a tsibe. Da tifar da ke ɗaukar kubik mita 5, mai lissafin takarda zai yi cinikin sawu uku, a ƙarshe ya tarar sai an yi na huɗu. Tifofi kuma girmansu ya bambanta ƙwarai, don haka auna tsawo, faɗi da zurfin bayan motar da tef ya fi dogaro da sunan da direba ya kira ta da shi. Haka ita ma ƙasar cikon: gurbin 12.7 yana buƙatar tsibin da ya kai kusan 16 a ido. Wanda ya bar tsibi mai girman gurbin kaɗai zai ga ƙasa ta ƙare masa ciko bai kai baki ba.

Awo na uku shi ne na ƙasar da aka daɓe. In an yi daɓe mai kyau da inji, ƙasa takan matse fiye da yadda take a asali, ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. A irin wannan hali gurbin 12.7 zai shanye kusan 14 na ƙasar asali, rarar ta sauko zuwa kimanin 11.5. Daɓen hannu ba kasafai yake kai wannan matsewa ba, shi ya sa in an ga rara ta fi yadda lissafi ya nuna nesa, alama ce ta cewa cikon bai daɓu ba: iska ce ta riƙe gurbin da ya kamata ƙasa ta shiga.

Ina rarar za ta tafi

Kafin a kira tifa, akwai wani gurbin da ke jiran ƙasa, wato cikin ɗakuna. Ana ɗaga daɓen gida sama da fili don kada ruwan damina ya shiga, kuma tsakanin fili da ƙasan kankaren daɓe sai an cike. A gidan misalin nan, filin cikin ɗakunan biyu, bayan an cire bango, murabba'in mita 70.4 ne. In za a cike shi da tsayin milimita 300, ana bukatar kubik mita 21 na daɓaɓɓiyar ƙasa. Rarar rami duka ba ta kai 13 ba. Ke nan gidan da aka zaci yana da ƙasar zubarwa, a gaskiya yana da giɓin kubik mita takwas ko fiye, wanda in za a sayo shi a tifa zai kai goma zuwa goma sha biyu saboda kumburi. Mai ginin da ya biya aka kwashe masa tsibin ƙasa a makon haƙa don fili ya yi tsabta, zai sake biya a kawo masa wata bayan makonni kaɗan.

Sai dai wannan ribar tana samuwa ne in ƙasar ta dace da ciko. Jar ƙasa mai marmara, irin wadda ta yawaita a Zariya, Kaduna da kewayen Abuja, tana daɓuwa da kyau, haka ma rairayi mai ɗan laka. Baƙar laka mai kumbura, irin ta bakin Tafkin Chadi da ta yankin Numan, ba ta dace ba ko kaɗan: tana kumbura da damina ta tura bango da daɓe, ta tsattsage da rani ta bar gurbi. Ƙasar fadama mai taɓo, da ƙasar tsohon kududdufi da aka cike da shara, kamar yadda ake samu a tsofaffin unguwannin Kano, su ma ba a mayar da su. A irin waɗannan filaye lissafin yana juyawa gaba ɗaya: duk 25.6 ɗin da aka haƙo sai an kwashe, sannan a sayo 12.7 na gefen bango da 21 na cikin ɗakuna. Ana iya gwada ƙasa da hannu: a jiƙa ta kaɗan a murza tsakanin tafuka. In ta yi dogon zare siriri bai karye ba, tana sheƙi tana manne wa yatsa, lakarta ta yi yawa, kuma ya kamata injiniya ya gan ta kafin a yanke shawara.

Yadda ake cikon

Lissafi ba ya cika sai an yi aikin yadda ya dace. Ba a fara ciko sai kwaɓin da ke tsakanin bulo da kankaren da ke cikin ramukansa sun yi ƙarfi, abin da ke ɗaukar kwanaki. A share ramin daga guntayen katako, buhunan siminti da leda, domin katako abincin gara ne, kuma duk abin da zai ruɓe zai bar rami a bayansa. Ana zuba ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kimanin milimita 150 in daɓen hannu ne, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Gurbin milimita 675 na misalin nan yana buƙatar hawa huɗu ko biyar. Danshin da ya dace shi ne wanda in an damƙi ƙasar ta dunƙule ba ta ɗiga ruwa ba, in an sake ta ƙasa kuma ta farfashe. Busasshiya ba ta matsewa, jiƙaƙƙiya sharkaf kuma gudu take yi a ƙarƙashin madaɓi.

Gefen bango biyu ana ɗaga su tare. In an cike ta ciki aka daɓe alhali ta waje fanko ne, nauyin ƙasa zai tura sabon bango ya karkace ko ya tsage a layin kwaɓi. Dabarar da ake yawan gani, ta tura ƙasa da baro a cike rami lokaci guda sannan a sake masa ruwa ko a bar wa damina, tana ɗan aiki a rairayi tsantsa, amma a ƙasa mai laka saman ne kawai ke kwanciya, ƙasan na nan sakwa-sakwa.

Alamun ciko marar kyau ba sa ɓuya. Bayan ruwan farko ƙasa takan lotsa a jikin bango ta waje, ta yi kwari inda ruwa ke kwanciya yana tsuma zuwa harsashi. A cikin ɗaki kuwa, daɓe yakan tsage a layi ɗaya kimanin taƙi guda daga bango, daidai inda bakin ramin yake, kuma in an ƙwanƙwasa wurin sai a ji amon fanko. Gyaran wannan yana nufin fasa daɓe da tayil a sake ciko, wanda kuɗinsa ya ninka ladan daɓen farko sau da yawa.

Lambobi huɗu ne mai gini ke bukata a rubuce kafin a ɗora shebur ɗin farko a tifa: girman haƙa, girman abin da aka binne, cikon gefen bango da cikon cikin ɗakuna. In ƙasar ramin mai kyau ce, a yawancin gidaje marasa bene babu ko baro ɗaya da ya kamata ya bar filin. In marar kyau ce, babu ko baro ɗaya da ya kamata ya koma rami.